Rumbun gas na kashin shanu da ɓarnar kayan gwari: ƙubba, durom, buhu ko tankin roba?

Wanda ke da shanu a turke kuma yana kusa da kasuwar 'yan gwari, irin 'Yankaba ta Kano inda ake zubar da ruɓaɓɓen tumatir da ganyen kabeji baro-baro kullum, yana da duk abin da ake buƙata don samun gas ɗin girki. Inda ake yawan tsayawa ana wasi-wasi shi ne wane irin rumbu za a yi, wato rufaffen wurin da kashi da kayan gwari za su ruɓe su fitar da gas. Iri huɗu ne aka fi samu: ginin ƙasa mai ƙubba, rijiya mai durom da ke tashi da sauka, dogon buhun leda a cikin rami, da ƙaramin tankin roba. Kowannensu na ba da gas, amma ba kowanne ke jure kayan gwari daidai da ɗan'uwansa ba, kuma girman da ya dace da ɗaya bai dace da ɗayan ba ko da abincin iri ɗaya ne.

Abin da za a auna su da shi

Ma'auni na farko shi ne abin da kake iya tarawa kullum, ba yawan shanun da ka mallaka ba. Saniyar da ke wuni a turke tana iya ba da kashi kilo 10 zuwa 15 a rana, amma wadda ke fita kiwo ta dawo kwana kawai da wuya a kwashi fiye da kilo 5 zuwa 8 a ƙarƙashinta. Kafin a kira magini, a yi mako guda ana kwashe ɗanyen kashin a bokiti ana aunawa. Busasshen kashi da rana ta gasa ba ya cikin lissafi, domin yana yawo a saman kwaɓin ne kuma gas ɗinsa kaɗan ne.

Na biyu ruwa. Ana kwaɓa kashin shanu da ruwa daidai wa daida, bokiti ɗaya na kashi da bokiti ɗaya na ruwa, har ya yi kaurin kunu. A gidan da ake sayen ruwa jarka-jarka a wajen 'yan garuwa, wannan kuɗi ne na kullum, kuma akwai rumbun da ya fi wani shan ruwa.

Na uku shi ne yadda rumbun ke jure tsami, kuma a nan ne kayan gwari ke kawo matsala. A cikin rumbu akwai ƙwayoyin halitta rukuni biyu da ke aiki hannu da hannu. Rukunin farko suna narkar da abinci su mai da shi ruwan tsami, na biyu kuma suna cinye tsamin su fitar da gas mai kamawa da wuta. Na farkon suna da sauri, na biyun suna da nawa kuma ba sa son tsami ya yi yawa. Kashin shanu ya riga ya bi ta tumbi, saboda haka yana narkewa sannu a hankali, yana kuma ɗauke da abin da ke kashe kaifin tsami. Tumatir da kankana da kabeji kuwa cikin kwana biyu zuwa uku sun narke. In aka zuba su da yawa lokaci guda, tsami ya fi ƙarfin masu cinye shi, sai rumbu ya tsaya cik.

Sauran ma'aunan su ne kuɗin farawa, tsawon rai, sauƙin gyara, da haɗari.

Yadda ake fitar da girma

Mu ɗauki gida mai mutum takwas da shanu huɗu masu kwana a turke, ana kwasar kilo 30 na ɗanyen kashi a rana. Girkin mutum ɗaya yana cin gas lita 200 zuwa 300 a rana, don haka gidan na buƙatar kusan lita 2,000. Kilo ɗaya na ɗanyen kashin shanu yana ba da kusan lita 40 in akwai ɗumi, ke nan kilo 30 zai ba da lita 1,200. Akwai giɓin lita 800. Gaurayen kayan gwari yana ba da kusan lita 50 a kilo, wani lokaci ya ɗara, to kilo 15 zai ƙaro lita 750. Jimilla lita 1,950, wanda ya isa murhu mai kai ɗaya ya yi awa biyar zuwa shida yana ci, tunda irin wannan murhu yana shan lita 300 zuwa 400 a awa.

Kashi biyu na kashin shanu, kashi ɗaya na kayan gwari: wannan rabo ne da rumbu mara injin motsawa ke ɗauka ba tare da wahala ba. Ana iya kaiwa rabi da rabi in rumbun ya daɗe yana aiki kuma ana lura da shi, amma a ganina ba abin da za a fara da shi ba ne.

Yanzu yawan abin da ke shiga kullum. Kashi kilo 30 da ruwa lita 30, sai kayan gwari kilo 15. Su kayan gwari kusan kashi tara cikin goma na jikinsu ruwa ne, ba sa buƙatar a kwaɓa su daidai wa daida. Lita 5 ta wanke mazubi ta isa. Duka ya kama lita 80, bokitin fenti huɗu ke nan. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba wa kayan gwari ruwa kamar yadda ake zuba wa kashi, sai kwaɓin ya tsinke, ruwa ya cinye wurin da abinci zai zauna.

Sai kwanakin da abinci zai yi a ciki kafin ya fita. Da bazara, lokacin da kwaɓin ke kusa da digiri 30 zuwa 35, kwana 30 zuwa 40 sun isa. Da hunturu ƙwayoyin na yin sanyin jiki, gas ya ragu sosai in kwaɓin ya sauka ƙasa da digiri 20. Tunda rumbu ba a ƙara masa girma a watan Disamba, gara a yi lissafi da kwana 50. Lita 80 sau 50 ya ba da lita 4,000 na wurin kwaɓi. A kan wannan sai a ƙara wurin ajiye gas, kusan rabin abin da ake samu a rana ko ɗan fiye, domin gas na taruwa da dare alhali ba a girki: lita 1,000 zuwa 1,200. Duka ya haura lita 5,000 kaɗan, wanda a wajen magina zai faɗa cikin abin da suke kira kubik shida, wato lita 6,000.

Akwai tarko a wannan suna. A Indiya ana kiran rumbu da yawan gas ɗin da yake bayarwa a rana, don haka "kubik biyu" a takardunsu yana nufin rumbun da ke cin kilo 50 na kashi ya ba da lita 2,000 na gas. A shirye-shiryen da aka yi a ƙasashen Afirka irin su Burkina Faso da Habasha da Kenya kuwa, ana kiransa da girman ginin ne. Duk wanda ya ce zai yi maka kubik kaza, ka tambaye shi: na gas ko na gini, kuma lita nawa ne wurin kwaɓi?

Ginin ƙasa mai ƙubba

Ana tona rami a gina shi da jan bulo da siminti, a rufe samansa da ƙubba, a binne. Gas na taruwa ƙarƙashin ƙubbar ya danne kwaɓi, kwaɓin ya hau wani ɗaki da ke gefe. In aka buɗe murhu sai kwaɓin ya dawo yana turo gas ɗin. Samfurin ya yaɗu ne daga Sin, sannan Indiya ta fito da nata mai rahusa da ake kira Deenbandhu a 1984. Girman da gidan misalinmu ke buƙata yana cin bulo dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa da siminti wajen buhu 14 zuwa 16, ban da yashi da tsakuwa da ladan tono. Ya fi buhu da tanki tsada nesa ba kusa ba, amma yawanci bai kai mai durom na ƙarfe ba.

In an gina shi da kyau yana haura shekara 20, kuma babu ƙarfen da zai yi tsatsa. Kasancewarsa a binne ya sa sanyin hunturu bai cika taɓa shi ba. Hawa da saukar da kwaɓi ke yi kullum yana ɗan motsa abin da ke ciki, ya haɗa sabon abinci da tsoho, shi ya sa ya fi buhu da tanki jure kayan gwari.

Rauninsa ɗaya ne, amma babba: magini. Gas na ratsa siminti ta ƙofofin da ido ba ya gani, saboda haka cikin ƙubbar sai an yi masa yaɓe hawa-hawa sannan a shafe da fenti mai toshewa. Birkilan da ya ƙware a sokawe ba lallai ne ya iya wannan ba. Kafin a biya cikon kuɗi a gwada: a cika ruwa a ga ko zai ragu cikin kwana guda, sannan a hura iska a ƙubbar a haɗa da siririn tiyo mai ruwa a ga ko matsin zai tsaya. In ƙubba ta tsage bayan an cika, gyaran na nufin kwashe lita 4,000 na kwaɓi. A ƙasar laka mai darewa da rani ta kumbura da damina, ko inda ruwan ƙasa ke kusa kamar fadama, tsagewa ta fi saurin faruwa. Wutarsa kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya: da safe tana da ƙarfi, zuwa azahar ta yi laushi, sai mai girki ta riƙa daidaita bawul.

Rijiya mai durom

Wannan rijiya ce da aka gina, aka kifa mata babban durom na ƙarfe a baki. Gas na ɗaga durom, nauyin durom na turo gas. Shi ne samfurin da KVIC, hukumar masana'antun ƙauyuka ta Indiya, ta yaɗa. Daɗinsa biyu ne: matsin gas ɗaya ne daga safe har dare, kuma da ido kake ganin yawan gas ɗin da ya rage. Ga mai ciyar da kayan gwari wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne, domin ranar da durom ya kasa hawa inda ya saba, ka san wani abu ya soma lalacewa tun kafin wuta ta mutu. A jikin durom daga ciki akan yi walda da ƙarafa, in aka juya shi hagu da dama kullum sai su farfasa ɓawon da ganye da ciyawa ke yi a sama.

Kuɗinsa ne ya fi na kowa, kuma durom ɗin kaɗai yana iya cin kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ko fiye. Gas ɗin na ɗauke da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta haɗu da danshi take cin ƙarfe. Sai an kankare an yi fenti duk shekara, kuma ko da haka akan sauya durom cikin shekara 8 zuwa 10. In an yi sakaci, biyar ma ba zai kai ba. Ƙarfe kuma na zubar da ɗumi da dare, don haka hunturu ya fi taɓa shi fiye da ƙubba. Ginin rijiyar kuwa ba ya neman gwanin magini, tunda ba shi ke riƙe gas ba.

Dogon buhu

Buhu ne na leda mai kauri ko roba irin ta tamfol, a kwantar da shi cikin dogon rami, bututu ɗaya a kowane kai, na uku a sama don gas. Cikin kwana ɗaya ko biyu an gama kafa shi, kuma kuɗinsa bai kai rabin na ƙubba ba in na leda ne.

Lissafin girmansa dabam ne. Babu abin da ke motsa kwaɓi a cikinsa, kuma in ɓawo ya daskare ba a iya shiga a fasa, saboda haka ana tsinka kwaɓinsa: ruwa biyu, wasu ma uku, ga kashi ɗaya. A misalinmu, kashi 30 da ruwa 60 da kayan gwari 15 sun zama lita 105 a rana, sau kwana 50 ya ba da lita 5,250. Kwaɓi na cin kashi uku cikin huɗu na buhu, to buhun zai kai lita 7,000. In faɗin bakinsa mita ɗaya da kwata ne, tsawonsa zai kai mita 5.7, a ƙara mita ɗaya na ɗaurin kawuna. Ruwan da ake nema kullum ya kusa ninkawa, jarka biyu da rabi maimakon ɗaya da rabi.

Game da kayan gwari, buhu ne ya fi rauni. Abinci na tafiya ne a jere daga mazubi zuwa mafita ba tare da gauraya ba, sai tsamin sabon tumatir ya taru a mita ɗaya ta farko. Dabarar ita ce a riƙa ɗebo bokiti ɗaya ko biyu na ruwan takin da ke fita a kwaɓa sabon abinci da shi. Hakan na rage tsami, yana dawo da ƙwayoyin da ake buƙata, yana kuma rage ruwan da za a saya.

Leda a rana shekara biyu zuwa uku take yi. Roba mai kauri tana iya kai biyar zuwa goma. Sai an yi masa rumfa da shinge, domin akuya ɗaya da ta taka shi ko yaro da tsinke sun isa su ɓata aikin. Ɓera ma na huda shi. Matsin gas ɗinsa kaɗan ne, don haka kicin ya zama kusa, kuma akan ɗora tsohuwar taya ko buhun yashi a kansa in wuta ta yi rauni.

Tankin roba

Tankin ruwa ne na lita 1,000 da aka yanke samansa, aka kifa ƙaramin tanki a ciki. Wurin kwaɓi bai fi lita 800 ba, don haka abincinsa lita 20 ne a rana in an yi lissafi da kwana 40: misali kashi kilo 6, kayan gwari kilo 5, ruwa lita 9. Wannan zai ba da kusan lita 500, girkin awa ɗaya da rabi. Ba ya tsatsa, ana iya ɗaukarsa in an tashi daga gida. Amma yana tsaye a fili, zafinsa na bin na iska, kuma ƙanƙantarsa ta sa kuskuren ciyarwa na rana ɗaya ke iya tsamar da shi. Ba zai riƙe gidan mutum takwas ba.

| | Ƙubba | Durom | Buhu | Tanki |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin farawa | da yawa | mafi yawa | kaɗan | kaɗan |
| Tsawon rai | shekara 20 ko fiye | rijiya 20, durom 8 zuwa 10 | 2 zuwa 3 leda, 5 zuwa 10 roba | daidai da ran tankin |
| Ruwa ga kashi | 1 ga 1 | 1 ga 1 | 2 ko 3 ga 1 | 1 ga 1 |
| Jure kayan gwari | mai kyau | mai kyau | mai rauni | mai rauni |
| Hunturu | ba ya jin shi sosai | yana ji | yana ji | yana ji ƙwarai |
| Babban haɗari | tsagewar ƙubba | tsatsa | hudawa | tsami |

Farawa da ciyarwa, ko wanne aka zaɓa

Cikon farko kashin shanu ne zalla, ban da ganye ko ɗaya. Wurin kwaɓi na lita 4,000 yana buƙatar kashi kusan tan biyu da ruwa durom goma na lita 200, abin da shanu huɗu ba za su tara cikin mako ba, don haka a nemo daga kara ko wajen maƙwabta. In an samu 'yan bokitai na ruwan taki daga rumbun da ke aiki, ko abin cikin tumbi daga kwata, aikin zai fi saurin kankama. A bar shi mako biyu zuwa uku ba a ƙara komai. Gas ɗin farko ba ya kamawa kuma yana gauraye da iska, a sake shi a fili nesa da wuta sau ɗaya ko biyu.

In wuta ta kama shuɗiya, a soma zuba kashi kullum na tsawon mako biyu. Daga nan a shigo da kayan gwari kilo 3 a rana, a riƙa ƙara kilo 2 zuwa 3 duk mako, har a kai 15 cikin wata ɗaya da rabi. Kasuwa ba ta zubar da kaya daidai kullum. Ranar da aka samu baro uku na tumatir, rumbu nasa kilo 15 ne, sauran a ajiye a durom mai murfi a raba shi kwanaki.

A tsince leda da igiya da duwatsu, a sassare ganye ƙanana kamar faɗin farce ko a kai injin markaɗe. Kututturen kabeji da ba a sara ba shi ke toshe mazubi. Ɓawon lemo yana da man da ke kashe ƙwayoyin, a cire shi, albasa kuma kar ta yi yawa. Ruwan sabulu da na maganin kashe ƙwari da kashin dabbar da ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta duk a nisanta su. Yashi ma abokin gaba ne a turken da ba a daɓe ba: yana kwanciya a ƙasan rumbu yana rage masa ciki shekara bayan shekara. A kwaɓa a bar shi minti biyar yashin ya kwanta, sannan a buɗe mazubi.

Alamun tsami a bayyane suke. Ruwan takin da ke fita, wanda ya kamata ya zama baƙi-baƙi mara wari sosai, sai ya koma fari-fari yana tashin tsami. Wuta na tsalle daga kan murhu ko ta ƙi kamawa duk da akwai matsi. Takardar gwajin pH, mai auna tsami, da ake samu a shagon kayan gwaje-gwaje tana nuna 6.8 zuwa 7.5 a rumbu mai lafiya. In ta sauka ƙasa da 6.5 a dakatar da kayan gwari nan take, a ci gaba da kashi kaɗai na mako ɗaya zuwa biyu. In bai farfaɗo ba, a jiƙa kanwa ko toka a tace, a riƙa zuba kaɗan-kaɗan ana gwadawa kullum. Idan kuwa wuta na yin fat-fat amma ruwan taki lafiya lau, ba tsami ba ne, ruwa ne ya taru a bututu. Gas ɗin na tafe da tururi, shi ya sa ake karkata bututu a sa matarar ruwa a wuri mafi ƙasa, a zubar duk mako.

Ana neman yoyon gas da kumfar sabulu a mahaɗar bututu, ba da ashana ba. Kuma kada kowa ya shiga cikin ƙubba ko rijiyar da aka kwashe sai ta sha iska kwanaki, da igiya a ƙugunsa da mutum a bakin rami, domin iskar da ke kwance a ƙasa tana sumar da mutum kafin ya ankara.

Wanne ya dace da wa

Mai gidan kansa da shanu huɗu zuwa sama, ƙasarsa mai tauri, wanda kuma ya samu maginin da zai nuna masa ƙubbar da ya gina tana aiki, ƙubba ce tasa. In babu irin wannan magini a kusa amma akwai mai walda na kirki, ko kuma wurin makarantar kwana ce ko gidan abinci da ke son wuta mai tsayawa wuri ɗaya kuma akwai wanda zai riƙa fenti, durom ya fi. Mai ciyar da kayan gwari da yawa, kamar ƙungiyar 'yan kasuwa da ke sayo kashi daga kara, shi ma durom zai fi yi masa, saboda yana ganin lafiyar rumbun kullum kuma yana iya fasa ɓawo. Wanda kuɗinsa kaɗan ne, yana da ruwan rijiya ko na burtsatse kyauta da fili mai shinge, kuma mafi yawan abincinsa kashi ne, buhu zai yi masa, musamman na roba mai kauri. Ɗan haya, ko mai saniya ɗaya da ke son dafa shayi da ɗumamen safe, ko wanda ke son ya koyi ciyarwa kafin ya zuba kuɗin siminti, ya fara da tanki.